Rahoton sito ya ce komai lafiya, amma masu sari suna ƙorafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sitokifa ne a wani siton kayan masarufi da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Rahoton da kwamfuta ta fitar mana a ƙarshen wata ya nuna `Order Accuracy` 98.5%, `Dock-to-Stock` awa 9.4, `Inventory Turnover` 8. Alhaji ya ji daɗi, amma masu sari daga Daura da Jibiya kullum suna kirana a kan kayan da aka musanya musu, kuma sito ya cika maƙil. Na haɗo maka takardun. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Na duba takardun da ka aiko, kuma kwamfutarku ba ta yi kuskuren lissafi ba ko a wuri ɗaya. Abin da aka ba ta shi ta ƙirga. Sai dai kowanne daga cikin alƙaluman nan uku matsakaici ne, shi kuwa matsakaici ɗabi'arsa ce ya cakuɗa mai kyau da marar kyau har a kasa ganin marar kyan. Saboda haka kafin a yi murna da lamba, sai an tambayi abin da aka ƙirga, da inda aka fara ƙirgawa.

Mu fara da na farko, wato ingancin oda, domin shi ne ya fi ɓata maka suna. A watan da ka aiko kun fitar da oda 400, kuma idan aka haɗa layukan da ke cikin dukkan rasit ɗin, wato kowane nau'in kaya layi guda, sun kai 3,000. An rubuta kuskure a layi 45. Kwamfutar ta yi lissafi a kan layi ne:

```
(3000 - 45) / 3000 = 98.5%
(400 - 40) / 400 = 90%
```

Lissafi na biyu ni na yi shi, bayan na bi kurakuran nan ɗaya bayan ɗaya na ga sun faɗa a kan oda 40 daban-daban. Ma'anarsa ita ce a cikin kowace oda goma da ta bar ƙofarku, ɗaya ta tafi da tangarɗa. Mai shago a Daura ba layi yake ƙirgawa ba. Shi abin da ya sani, ya biya kuɗin katan goma na taliya doguwa, mota ta sauke masa takwas da katan biyu na makaroni, kuma ko da sauran layuka bakwai na rasit ɗinsa sun zo daidai, a wurinsa odar nan ta lalace. Mutumin da yake sari a wurinku sau biyu a mako zai yi oda takwas ko tara a wata, kun ga ke nan da wuya ya yi wata biyu bai gamu da kuskure ba. Don haka da Alhaji da masu ƙorafin duk gaskiya suke faɗa, ma'auninsu ne ya bambanta, kuma ni a ganina ma'aunin mai saye ya fi cancanta a bi.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Kurakurai 45 ɗin nan duka daga kiran waya suka fito, kuma kusan dukkansu ragi ne ko musanya. Ba kowa ne zai kira ya ce an ƙara masa katan biyu na madara ba, wani ma bai lura ba, wani kuma ragin bai taka kara ya karya ba, sai ya yi shiru ya koma wani siton. Hanyar gane wannan ita ce ƙidayar kaya: idan kuka ƙirga kuka ga makaroni ya gaza da katan shida, taliya kuma ta haura da shida, to musanya ce ta faru ba sata ba, idan kuwa abu ya gaza ba tare da wani ya haura ba, to ko an yi ƙari a lodi, ko kuma hannu ya shiga. Shawarata ita ce a sa mutum na biyu, wanda ba shi ya haɗa kayan ba, ya tsaya a bakin mota da rasit a hannu yana ƙirgawa, kuma duk kuskuren da ya kama a rubuta shi a littafi dabam. Alƙaluminku zai faɗi a watan farko, kada hakan ya tayar wa kowa da hankali, domin a lokacin ne ya fara faɗin gaskiya.

Na biyu shi ne tsawon lokacin da kaya ke ɗauka daga isowar mota zuwa lokacin da aka jera su a mazauninsu kuma aka shigar da su kwamfuta, ta yadda za a iya sayar da su. Sharuɗɗan nan biyu dole su cika tare, domin buhun da ke sito amma kwamfuta ba ta san da shi ba, tamkar babu shi ne a wurin mai rubuta rasit. A takardunku mota 20 ce ta shigo. Guda 17 an gama da su a cikin kimanin awa huɗu kowacce, sai uku da suka kwashe awa 40. Idan aka haɗa awa 68 da awa 120 aka raba gida ashirin, shi ne ya ba da 9.4, lambar da babu mota ko ɗaya da ta yi ta. Motocin nan uku duka bayan la'asar ɗin Alhamis suka iso daga Kano, 'yan dako suka sauke kayan a tsakar sito kafin magariba, ranar Juma'a aka yi rabin wuni ana fama da masu saye, ba a shigar da kayan ba sai da hantsin Asabar. Da an jera lokutan daga ƙarami zuwa babba an ɗauki na tsakiya, da awa huɗu za a samu, sannan a ware ukun nan a tambayi dalilinsu. Haka ya kamata a riƙa karanta shi.

Ka kuma bincika daga ina agogon yake farawa. Na taɓa aiki a wani sito inda ake fara ƙirga lokaci daga sa hannu a takardar kaya, alhali tirela takan kwana biyu a bakin ƙofa direba yana kwance a ƙarƙashinta a kan tabarma yana jiran a samu wurin saukewa. Rahoto yana nuna awa uku, kamfanin mota kuma yana cajin kuɗin jinkiri. Mai gadi ya rubuta lokacin da mota ta tsaya a ƙofa, wannan shi ne farkon ƙirga.

Yanzu ga abin da ya sa ya kamata a karanta alƙaluman tare. Da na duba ranakun da aka yi lodin odar da aka samu kuskure, 26 daga cikin 45 sun faɗa a Juma'o'i da safiyar Asabar ɗin da kayan nan suke jibge a ƙasa. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa a sito a irin wannan rana. Katan ɗin taliya da na makaroni na kamfani ɗaya kusan launinsu guda, an tara su wuri ɗaya ba a ware ba, mai saye yana tsaye direbansa yana danna ham, yaro ya ruga ya ciro daga tulin da ya fi kusa da ƙofa ba tare da ya karanta jikin kwalin ba. Ashe ke nan jinkirin jera kaya shi ne ya haifi fiye da rabin ƙorafin da kake sha, kuma gyaransa bai buƙatar sabuwar na'ura. Ko dai a roƙi masu turo kaya daga Kano su riƙa lodi da sassafe ko su bari sai Asabar, ko kuma a shata wuri da fenti a ƙasa a ce duk abin da ke cikinsa ba a taɓa shi sai an ƙirga an shigar.

Na uku, juyawar kaya, shi ne yawan lokutan da jarin da ke kwance a sito ya fita ya dawo a shekara. Ana raba uwar kuɗin kayan da aka sayar da matsakaicin darajar kayan da ke ajiye. A naku, Naira miliyan 480 ce a kan miliyan 60, ya ba da 8, idan kuma aka raba kwana 365 gida takwas, kaya suna yin kimanin kwana 46 kafin su fita. A ido wannan ba laifi. Amma da na raba kayanku gida biyu sai hoton ya sauya. Sukari da shinkafa da taliya da man girki suna riƙe da miliyan 25 na jarin, kuma su suka kawo miliyan 410 na abin da ya fita, wato suna juyawa sau 16 da ɗoriya, kwana 22 ke nan. Sauran miliyan 35, irin su wasu sabulai da alawa da lemon kwali da tumatirin gwangwani na wani kamfani da kasuwa ba ta karɓa ba, miliyan 70 kacal suka fitar, sau biyu a shekara, wata shida kowane zagaye. Fiye da rabin kuɗin Alhaji yana cikin kayan da suka yi kwantai, kuma su ne suka cinye wurin da ya kamata a jera sababbin kaya da zarar an sauke su. Wannan ma yana cikin abin da ya sa kayan Alhamis suke kwana a ƙasa. Lemon kwali kuwa yana da ranar lalacewa, wata shida a zafin Katsina ba ƙaramin abu ba ne a gare shi.

Abu biyu za ka kiyaye a wannan lissafin. Kada a lissafa kayan da suka fita da farashin sayarwa alhali kayan sito an ƙiyasta su da farashin sari, domin riba za ta kumbura lambar ba tare da katan ko ɗaya ya motsa ba. A lokacin da farashi ke hawa ma, ya fi aminci a sake lissafin manyan kaya da yawan buhu ko katan. Sannan kada a ɗauki matsakaici daga farkon shekara da ƙarshenta kawai, a haɗa ƙarshen kowane wata goma sha biyu a raba. Sito irin naku yana cika gab da azumi, azumi kuma yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara a kalandar boko, don haka kwatanta Fabrairun bana da na bara zai iya yaudararku. Kuma kwana 22 na sukari ba abin a ƙara matsewa ba ne, domin idan mota ta makara mako guda a tsakiyar azumi, buhun ƙarshe zai fita mai saye yana tsaye.

Idan za ka je wurin Alhaji, kada ka fara da cewa rahoton bai yi daidai ba. Ka tafi da takarda guda mai ɗauke da jerin kayan da ba su motsa ba a kwana 90 da suka wuce, kowanne da yawansa da kuɗin da ke kwance a kansa da ranar lalacewarsa, ka roƙe shi ya zagaya bayan sito tare da kai ya gan su da idonsa, sannan ku yanke waɗanda za a karyar da farashinsu da waɗanda za a nemi kamfani ya karɓa ya musanya.