Hoton da Hajiya ta ce ba mijinta ba ne

"Maigida, hoton marigayin nan da aka turo mana ta WhatsApp, na sa shi a manhajar gyaran hoto ta Remini ya fito tas, har gashin gira ana gani. Amma Hajiya tana kallo ta ce wannan ba mijinta ba ne. To idan manhajar fito da abin da ya ɓuya take yi, ina aka samu matsala?"

Jawo kujera, Kabiru. Hajiya ta fi ka gaskiya, kuma ta fi manhajar. Babu abin da ya ɓuya a hoton nan balle a fito da shi. Abin da ka gani ƙirƙira ne.

Buɗe fayil ɗin asali ka duba girmansa. Fiksil 240 a faɗi, 300 a tsayi. Jimla ɗigo 72,000 ke nan, kowanne da kalarsa guda ɗaya, kuma iyakar abin da muka sani game da hoton ke nan. Idan aka ninka shi sau huɗu ta kowane ɓangare zai koma 960 da 1,200, wato ɗigo 1,152,000. Ka ga duk inda ɗigo ɗaya yake an mayar da shi goma sha shida. Sama da ɗigo miliyan ɗaya ba su zo daga wayar Hajiya ba. Dole wani ya cike su.

Yanzu zuƙo fuskar. Faɗinta bai wuce fiksil 40 ba. Fuskar babban mutum kuwa tana kai wajen santimita 15, don haka kowane ɗigo yana ɗauke da kusan milimita huɗu na fata. Tsagar da ke kuncin Alhaji ba ta kai haka kauri ba. Lokacin da hoton ya ƙanƙance, duhun tsagar da hasken fatar da ke gefenta sun cakuɗe sun zama kala ɗaya. Kamar a ce maka mutum huɗu sun haɗa naira 400, a ce ka faɗi nawa kowa ya bayar. Yana iya zama ɗari-ɗari, yana iya zama mutum ɗaya ne ya ba da 370. Jimlar ba za ta taɓa gaya maka ba. Haka fuskoki masu ɗimbin yawa, idan aka ƙanƙantar da su, duk za su ba da wannan dishi-dishin iri ɗaya.

Da can a Photoshop muna amfani da Bicubic. Shi ɗigogin da ke maƙwabtaka yake dubawa ya cike tsakaninsu da matsakaiciyar kala. Hoton yana girma amma yana nan a dushe, don bai ƙara komai daga wajensa ba. Waɗannan sababbin, da ake kira niyural netwok, hanyarsu daban ce. Ana tara hotuna masu kyau dubbai, a ƙanƙantar da kowanne da gangan, a ba manhajar ƙaramin a ce ta zana babban, sannan a gwada da na asali a gyara mata kuskure. A yi ta maimaitawa har ta saba cewa irin wannan inuwar yawanci gira ce, irin waccan yawanci gefen hanci ne. Riƙe kalmar nan, yawanci.

Na farko-farko, irin SRCNN na 2014, idan ba su da tabbas sai su tsaya a tsakiya, hoton ya fito da laushi. Daga baya, tun daga SRGAN, aka haɗa manhaja ta biyu a matsayin alƙali, da aikinta shi ne ta bambance hoton gaske da wanda aka zana. Hoto mai dushi nan take take kama shi. Saboda haka mai zanen ta koyi zaɓar amsa guda ɗaya ta zana ta da ƙwari, gashi ɗaiɗai, ƙofofin fata, ƙyallin ido. Alƙalin nan ba ya tambaya ko Alhaji ne. Tambayarsa kawai ko wannan ya yi kama da hoton mutum.

To fuskokin su wa ta koya? GFPGAN, wata manhajar gyaran fuska irin waɗannan, ta dogara da tarin fuskoki 70,000 da aka kwaso daga Flickr. Ka yi tunani nawa ne a ciki masu bille ko 'yar baka. Idan ta ga ɗan duhu a kunci, sai ta ɗauka datti ne ko karcewar takarda, ta goge. A 2020 an saka dusasshen hoton Barack Obama a wata manhaja mai suna PULSE, wadda masu bincike a jami'ar Duke suka yi, ta fito da fuskar Bature. Kuma idan ka ƙanƙantar da Baturen nan, zai koma kusan hoton da aka saka. Ta fuskar lissafi ba ta yi kuskure ba, ɗaya daga cikin amsoshin da za su iya yiwuwa ta ɗauko.

Dubi naka aikin da idon wanda ya san mutumin. Tsagar ta tafi. Hancin ya ɗan sirance. Fatar dattijo ta yi sumul kamar ta ɗan shekara talatin. Hular kuwa, zanen da ke jikinta ba zanen da wani mai ɗinkin hula zai gane ba ne, layukan sun tashi sun narke cikin juna. Aikin wuyan babbar rigar ma haka. Rubutu shi ya fi tona asiri: kalandar da ke bayansa ta fito da wasu baƙaƙe masu kaifi da ba boko ba, ba ajami ba. Duk hoton da ka ɗaga, fara duba rubutu, haƙora, kunne da zanen tufafi.

Ina so ka gwada da kanka yau bayan la'asar. Ɗauki hotona da kyamarar shago, ka rage shi har fuskata ta koma fiksil 40, ka ɗaga shi, ka ajiye kusa da na asali. Sannan ka sa ƙaramin a wata manhajar daban. Za ka sami fuska biyu da ba su yi daidai da juna ba, alhali daga fayil ɗaya suka fito.

Ban ce ka daina amfani da ita ba. Bango, labule, sararin sama, yadin da babu zane, ko banar da za a rataya a kalla daga nesa, duk tana taimakawa, don babu wanda zai cutu idan zaren labule ƙirƙira ne. Fuskar mamaci kuwa amana ce. Jikokinsa da ba su san shi ba wannan hoton za su riƙe a matsayin kakansu. Haka in an kawo maka hoton kyamarar tsaro ana so ka fito da lambar mota ko fuskar ɓarawo, ka ce ba za ka yi ba. Tana iya mayar da 3 ta zama 8 garau, a je a kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Ga yadda za mu yi da aikin Hajiya. Ka kira ɗanta ka tambaya ko hoton takardar yana gida. In yana nan, su kawo mu sa a sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci. In a wayar wani yake, ya turo shi ta Document, don turawar da aka saba matse hoto take yi. In duk babu, ka ɗaga ƙaramin da Bicubic ka sa a ƙasa, ka ɗora na manhajar a kai, ka goge wajen fuska da hula daga na saman domin na asalin ya bayyana. Fuskar za ta ɗan yi laushi, ba komai. Kada mu buga inci 8 da 10 da suka nema, mu ba su shawarar 5 da 7 a firem mai faɗin baki, laushin ba zai dame ido ba. Kafin ka tura firinta, kai wa Hajiya a waya ta gani, ka gaya mata wane wuri ne na asali, wane ne muka cike.