Re: Wasiƙa ga likitan iyali kan bugun zuciya da dare

"Wata guda zuciyata na dukan uku-uku da dare. Me zan rubuta wa likitanmu, ga takardar awon bugun a haɗe?"

'Yar'uwa, lambobi kaɗai ba sa isar likita. Ki kwatanta masa dare ɗaya filla-filla: ƙarfe 2 kika farka, bugun 130 a minti, ya ɗauki minti goma. Farat ɗaya ya tsaya ko a hankali ya sauka? Yana tafiya daidai ko yana tsallake? Da wannan yake rarrabe cututtuka. Ki haɗa da bugunki na lokacin da kike lafiya lau, da magungunan da kike sha, har na mura.

Awon bugu ba ya nuna irin matsalar, sai ECG, wato gwajin na'ura da ke zana yadda lantarkin zuciya ke aiki. In akwai suma, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ki bar wasiƙa, ki tafi asibiti nan take.