Kira yana yankewa a mota

Wani direba ya ce: "Ina aikin tasi a Kumasi. Waƙa tana tafiya lafiya ta Bluetooth, amma kira yankewa yake yi."

Ɗan'uwa, waƙa da kira hanyarsu daban: waƙa A2DP, kira HFP. Shiga saitin Bluetooth na wayarka, taɓa sunan rediyon motar, ka tabbata an kunna izinin kira.

Kiran na gaba, dubi fuskar wayar. In lokacin kiran yana ci gaba da ƙirguwa amma lasifikar mota ta yi tsit, laifin Bluetooth ne. In kiran ya mutu gaba ɗaya, matsalar sabis ce, kamar yadda kan faru a cunkoson kasuwar Kejetia.

Ni tsohuwar wayar ƙanena ce ke ƙwace haɗin Bluetooth ɗin duk ranar da ya shiga motar. Na goge duk wayoyin da rediyon ya haddace, na goge motar daga wayata, na sake haɗa su, shi ke nan.