Layi na biyu ya fito da kyar

"Yaya, al'adata ta yi lattin kwana biyu. Na yi gwajin ciki na fitsari, layi na biyu ya fito, amma da kyar ake ganinsa. Ciki ne?"

Kanwata, in layin yana da launi, kuma ya fito cikin mintunan da aka rubuta a kwalin, galibi ciki ne sabon shiga. Tsinken gwajin yana neman sinadarin hCG ne, wanda jiki ke fara fitarwa bayan ciki ya kama. A farkon makonni yawansa kan ninka kusan duk kwana biyu zuwa uku, shi ya sa nake so ki jira kwana uku ki sake. Ki yi da fitsarin farko na asuba, kafin ki sha ruwa, don ruwa da yawa na tsinka fitsari layin ya dushe.

Kada ki duba tsinken bayan ya bushe. Layin toka-toka da ke fitowa daga baya ba ya nufin komai.

In kin sake gwajin layin ya kara duhu, ki fara zuwa awo. In ya bace, watakila cikin bai zauna ba, a gwada jininki a asibiti. Amma in kika ji ciwo mai tsanani a gefe daya na mara, ko jini, ko jiri, kada ki jira, ki tafi asibiti nan take, don ciki na iya zama a wajen mahaifa.