DNA ɗaya, aiki daban-daban

Tambaya: "Idan DNA ɗin duk ƙwayoyin jiki iri ɗaya ne, me ya sa ƙwayar jini ba ta yin insulin?"

Ɗan'uwa, umarnin yin insulin yana nan a cikinta, kulle shi aka yi, in ban da jan jinin da ya gama nuna, wanda ya riga ya zubar da DNA ɗinsa. Ƙwayar tushe ta ɓargo tana iya zama jan jini ko farin jini. Idan ta kama hanyar jan jini, wasu furotin suna buɗe sashen DNA da ke yin himogulobin, furotin mai ɗaukar iskar oksijin, sassan da ba ta buƙata kuma, irin na insulin, a ɗaure su tam, a liƙa musu wata alamar sinadari da ake kira metil yadda ba za a karanta su ba. Wannan kullen yana bin 'ya'yanta duk lokacin da ta rabu. Shi ya sa insulin sai a ƙwayoyin beta na fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi.

Idan balagar ƙwayoyin ɓargo ta tsaya a rabi, ƙwayoyi marasa nuna su cika ɓargo suna ta ninkuwa. Nan ne tushen wasu nau'o'in sankarar jini, kuma gwaji zai nuna jan jini ya ragu.