Fatawa: Shin gabatar da kai a taron 'yan kasuwa yabon kai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mai haɗa sola ne a Gombe. An gayyace ni taron sada zumunci na 'yan kasuwa, inda kowa zai faɗi ko shi wane ne da abin da ya iya. Ina tsoron faɗawa cikin yabon kai. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ya halatta, matuƙar gaskiya za ka faɗa kuma gwargwadon buƙata. Hanin da ke cikin Suratun Najmi, aya ta 32, cewa kada mu tsarkake kanmu, ya shafi mai tallar taƙawarsa ne ko mai alfahari. Imam Nawawi a cikin Al'azkar ya raba ambaton kyawawan halayen kai gida biyu: abin zargi idan don taƙama ne, abin so idan akwai maslaha a ciki.

Dubi Annabi Yusuf, alaihis salam, a aya ta 55 ta surarsa. Da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, siffa biyu kacal ya ambata, mai tsarewa kuma masani, domin su aikin yake buƙata. Bai kawo nasabarsa ba, alhali jikan annabawa ne. Kai ma ɗauki abin da zai amfani wanda ke gabanka, ka bar tarihin karatunka tun daga firamare.

Bayan sallama ka faɗi sunanka sarai. Ai da Jabir ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce "ni ne", Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai so amsar ba. Sai ka ce: "Ina haɗa sola wa masu shagon sayar da ruwa da lemo, don firij ya riƙe sanyi ba tare da janareta ba. Bara na yi wa shaguna 6 a Tumfure. Alhaji, ku yaya kuke yi da wuta a wajenku?" Rabin minti ya isa. Daga nan ka yi shiru ka saurara, shi zai gaya maka inda ke yi masa ƙaiƙayi. In ka ga ya koma duba waya yana ta "to madalla, to madalla", ka wuce gona da iri.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne ƙarin gishiri. Shidan nan kada ta zama ashirin. Idan ɗan kwangila ne ya ɗauke ka jan waya a wata ma'aikata, kada ka ce "mun yi wa gwamnati aiki". Ka ce ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya biyu ne. Idan kuma aka ba ka aiki saboda wannan maganar, to algus ya shiga cinikin. Rantsuwa ma ka bar ta. Wanda ya yi shakka, ka kwatanta masa shagon ya je ya gani.

Wallahu a'alam.