Yarona na jan kunne yana kuka: in sayi amoksisilin?

Tambaya: Ɗana shekararsa ɗaya da wata takwas, nauyinsa kilo 10. Ya yi mura, yanzu yana jan kunnen dama, da dare ba ya barci. Mai kemis ya ce in sayi amoksisilin da maganin ɗigawa. In saya?

Amsa: 'Yar'uwa, kar ki saya tukuna, fara kai shi a leƙa kunnen da fitila. Jan kunne kaɗai ba hujja ba ne, don mai fitar da haƙori ma yana yi. Abin da ya fi nuna ciwon shi ne kukan da ke tsananta in an kwantar da shi, zazzaɓi, da yadda zai kama nono ko kofi ya saki da ihu saboda haɗiya na taɓa wurin. Mura ce ke toshe 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro, ruwa ya taru a bayan fatar dodon kunne. Shi ya sa maganin ɗigawa ba ya isa wurin muddin fatar ba ta huje ba.

Abin da yake buƙata a daren nan maganin zafi ne. Farasitamol miligiram 15 ake ba kowane kilo, nasa ya kama 150, wato mililita 6 na ruwan da aka rubuta 125mg/5ml a kwalbarsa. Ki ba shi duk bayan awa shida, kar ya wuce sau huɗu a kwana, kuma da sirinji ki auna, ba cokalin shayi ba.

Yawancin irin wannan ciwo yakan lafa da kansa cikin kwana biyu zuwa uku. In kunne ɗaya ne kuma yaron na sha yana wasa, likita na iya cewa a jira. Amoksisilin na shigowa ne in jariri bai kai wata shida ba, ko kunnuwa biyu suka kamu a ɗan ƙasa da shekara biyu, ko zafin jiki ya kai digiri 39, ko kwana biyu zuwa uku suka wuce ba sauƙi. Haka ma in kin ga mugunya a matashin kai. Nan iyaye ke ruɗewa, domin kukan yakan tsaya, alhali fatar ce ta fashe. In an rubuta masa amoksisilin, to ya cika kwanakin. Shan sa ba dalili kuwa gudawa da ƙuraje yake jawowa, kuma yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Don Allah kar a ɗiga man zaitun ko ruwan nono, kar a sa tsinken auduga. In da zazzaɓi, a gwada maleriya. In bayan kunnen ya kumbura har ya turo kunnen gaba, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya kasa shan komai, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.